Idan jaruma ta fita daga fim mai dogon zango, wa ke yanke hukunci?

A Mai Wurno da ƙauyukanmu na Jazira, idan aka zauna hirar musalsal, wato abin da mutanen Kano ke kira fim mai dogon zango, darakta ne ke shan yabo, shi ne kuma ke shan zagi. Ni kuwa a ganina, sau da yawa hukuncin da ke faranta mana rai ko ya ɓata mana, ba daga kujerar darakta yake fitowa ba. Akwai wata kujera a samanta, wadda Amurkawa ke kiran mai ita shorana. Mu kira shi jagoran shiri.

Mu ɗauki Labarina, wanda Aminu Saira ya fara fitarwa a 2020. A 2022 Nafisa Abdullahi, wadda ke fitowa a matsayin Sumayya, ta bar shirin, alhali labarin a kanta yake tafiya. Hanya uku ce a gaban duk shirin da ya shiga irin wannan hali: a kashe Sumayya a labarin, ko a tura ta wata tafiya mai nisa, ko a kawo wata jaruma ta ɗauki sunan. Labarina ya bi ta uku, Fati Washa ta zama Sumayya.

To, a irin wannan rana mene ne aikin kowa? Shugaban marubuta shi zai zauna da abokan aikinsa su auna kowace hanya a takarda. In an kashe ta, kashi nawa za a sake rubutawa? Wace soyayya, wace gaba ce za ta tsaya babu ƙarshe? Nasa shi ne ya nuna abin da labari zai iya ɗauka, amma ba shi ke riƙe da jakar kuɗi ba.

Darakta kuwa aikinsa na farawa ne bayan an yanke magana. Shi zai tsaya a wurin ɗauka ya zaɓi inda kyamara za ta zauna, ya nuna wa sabuwar jaruma yadda Sumayya ke magana da yadda take fushi, har mai kallo ya daina ganin baƙuwar fuska.

Zaɓen hanyar kansa na jagoran shiri ne, domin shi kaɗai ke kallon labari da kuɗi da lokaci a tare. Shi ya san abin da aka riga aka ɗauka, da ranar da tasha ke jiran sabon zango, da abin da masu kallo za su haƙura da shi. Shi ke amincewa da rubutu kafin a ɗauka, shi ke ganin abin da aka tace kafin a sake shi. A Labarina ba ma ganin bambancin sosai, saboda Aminu Saira ne darakta, kuma kamfaninsa na Saira Movies ne ke fitar da shirin. Kujera biyu, mutum ɗaya.

Izzar So ya fi nuna rabuwar. Marigayi Nura Mustapha Waye ne daraktansa har Allah ya yi masa rasuwa a watan Yulin 2022. Rashi ne babba, amma shirin bai tsaya ba, domin linzamin yana hannun furodusa Lawan Ahmad, mai fitowa a matsayin Umar Hashim. Ana iya kawo wani darakta ya ɗora, in dai wanda ya san inda labari ya dosa yana nan.

A Amurka ma da gangan ake sauya daraktoci. Breaking Bad, wanda aka nuna daga 2008 zuwa 2013, kashi 62 ne, amma jagoransa Vince Gilligan biyar kawai ya ba da umarni da kansa. A can yawanci jagoran shiri marubuci ne, shi ke shugabantar ɗakin marubuta. Kuma kada ka nemi kalmar shorana a jerin sunaye, abin da za ka gani a allo shi ne Executive Producer.

Daga nan mai kallo zai iya gane inda matsala take. In zance ya yi tsawo babu abin da ya ƙaru, wannan na marubuta ne. In magana ta yi ma'ana amma jarumi na karanto ta kamar hadda, a tambayi darakta. Amma in ka ga mai haƙuri a zango na biyu ya koma mugu a na uku babu dalili, ko an buɗe wani sirri an manta da shi, ko ana ta jan labarin da ya kamata a rufe tun bara, to babu mai riƙe da shirin gaba ɗayansa, ko kuwa aiki ya yi wa mai riƙon yawa.

Wannan na ƙarshe shi ne haɗarin haɗa kujeru. Wanda ya wuni a wurin ɗauka da wuya ya samu sararin karanta rubutun kashi biyar masu zuwa, kuma in ya ɗauki abin da ba ya da amfani, babu na sama da shi da zai ce masa a yanke.