Rubutu Ɗaya, Dandali Huɗu: Me Ake Yankewa, Me Ake Bari?

A ce wata ma'aikaciyar lafiya ta rubuta bayanin minti shida kan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. Ta fara da sallama, ta kawo labarin wata uwa, ta lissafa alamomin ƙarewar ruwa a jiki, sai a minti na huɗu ta zo kan awo: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A YouTube wannan tsari ba laifi, domin wanda ya buɗe bidiyon shi ya nemo shi da kansa, zai yi haƙuri.

Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauki bidiyon nan aka datse shi don TikTok ko Shorts. Tun Oktoban 2024 Shorts na karɓar har minti uku, amma ba iyakar lokaci ce babbar damuwa ba. Mai kallo a nan wucewa yake yi, yatsansa na kan allo. Idan aka yanko minti na farko kawai, sallama da labari ya samu, awon kuwa ya tafi da abin da aka zubar. Sai dai a juya rubutun: jimlar farko ta zama "Yaronki na gudawa? Ga abin da za ki haɗa yanzu", awon ya biyo baya nan take, a faɗe shi kuma a rubuta shi a allo saboda masu kallo ba murya. Labarin uwar nan, duk daɗinsa, a bar wa YouTube.

Sitatus na WhatsApp shi ne wurin da na fi ganin ɓarna. Dogon bidiyo sai an gutsuttsura shi, mutane kuma kan kalli guntu ɗaya su tura shi gaba. Idan yankan ya faɗo tsakanin sukari da gishiri, wata uwa za ta samu rabin awo, yawan gishiri kuwa na iya cutar da yaro. Don haka awon gaba ɗaya, tare da gargaɗin a garzaya asibiti idan yaro ya kasa sha, dole su zauna cikin guntu guda.

Rediyo akasin haka yake. Babu allo, mai sauraro kuma wataƙila tana gaban murhu, ba za ta iya mayar da magana baya ba. Nan maimaici ake so: a faɗi awon a hankali, a sake faɗa kafin rufewa.

Kafin ɗauka, a karanta kowane rubutu da ƙarfi ana duba agogo. Idan ya zarce, a cire jimla sukutum maimakon a ƙara saurin baki. Sannan a nuna wa wanda bai ga dogon ba, a tambaye shi cokali nawa.