Kwalbar Gaskiya, Barasar Jabu: Abin Da Murfi Da Farashi Ke Tonawa

A watan Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba a jihar Abiya, wadda aka fi sani da kasuwar Maƙabarta, ta rufe shaguna fiye da 240 da aka mayar wuraren haɗa abin sha na jabu. Kayan da aka lalata, a cewar hukumar, kuɗinsu ya haura naira miliyan 750, kuma cikinsu har da kwalaben da ke ɗauke da sunayen manyan kamfanonin duniya irin su Hennessy da Martell da Gordon's. Abin da ya kamata mai saye ya lura da shi a wannan labari shi ne, galibin masu wannan sana'a ba su wahalar ƙera kwalba. Tsohuwar kwalba ta asali suke nema, su ɗauraye ta, su ɗura mata abin da suka haɗa, su rufe. Gilashin na gaskiya ne, takardar jikinsa ma sau da yawa ta gaskiya ce, abin da ke ciki ne kawai ba na kamfanin ba.

Na san hukuncin barasa a wurin mafi yawan masu karanta Hausa, na kuma san doka ta hana sayar da ita a jihohi da dama na Arewa. Wannan rubutu bai zo sauya ko ɗaya daga cikin biyun ba. Sai dai akwai Bahaushen da ke riƙe da sito a otal a Abuja ko Yamai, akwai wanda addininsa bai hana shi ba, akwai ma'aikacin jinya da za a kawo masa wanda ya sha, akwai kuma mai sha a ɓoye. Na ƙarshen nan ya fi kowa shiga haɗari, domin a lungu yake saye, da dare, cikin sauri, kuma in an cuce shi ba ya iya kai ƙara.

Mu ɗauki kwalba guda mu bi ta daga sama har ƙasa. A ce wuskin Sukotland ne mai shekara 12, irin Johnnie Walker Black Label mai kwalba mai kusurwa huɗu da takarda a karkace, kuma wani ya kawo maka shi a kwalinsa. Tun kafin ka taɓa kwalbar, tambayi kuɗinta. A ce babban kanti mai rajista yana sayar da ita naira dubu 40, shi kuwa wannan ya ce ka kawo dubu 18. Tsaya ka yi lissafi. Wuskin da aka rubuta wa shekara 12, doka ta ce mafi ƙarancin shekarun abin da aka haɗa a cikinsa ke nan, ya kwana a gangar katako tsawon wannan lokaci. An biya kuɗin jirgin ruwa, an biya kwastan, babban dila ya ci ribarsa, ɗan sari ma ya ci tasa. Duk waɗannan kuɗaɗe ba su raguwa don an tausaya maka. Rangwamen kashi 10 cikin 100 abu ne da ake gani lokacin bukukuwa, amma a ce rabin kuɗi, to wani abu ya fita daga lissafin, kuma sau da yawa wuskin ne kansa ya fita. Dalilan da ake bayarwa sanannu ne: wai kayan gwanjon kwastan ne, wai daga filin jirgi aka fito da su, wai ragowar wani biki ne. Araha ba ta ado. Sai dai kada a juya maganar a ce tsada shaida ce. Masu wayo cikin 'yan jabun sun daɗe da gane cewa araha na tona su, don haka suke sa farashi dab da na gaskiya.

Daga nan sai murfi, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa, domin shi ne abu guda da mai ɗure ba zai iya kauce wa taɓawa ba. Yawancin kwalaben barasa mai ƙarfi suna da murfin goran ruwa mai murɗawa, da wani zobe a ƙasansa wanda 'yan siraran haƙora suka haɗa da murfin. A masana'anta inji ne ke matse murfin a kan bakin kwalba, shi ya sa zarensa ke fita sumul, daidai wa daida ta kowane gefe. Ranar da aka fara buɗewa haƙoran nan ke karyewa, ka ji ƙas-ƙas, zoben ya zauna a wuya. Mai ɗure yana da hanya uku: ya ɓanɓare murfin gaba ɗaya da dabara ya mayar, ya liƙe karyayyun haƙoran da gam, ko ya sayo sabon murfi ya matse da ɗan injin hannu. Kowace hanya tana barin sawu. Kai kwalbar wurin haske ka juya ta a hankali. Idan gefen zoben na ƙasa ya yi lanƙwasa-lanƙwasa ko ka ga ƙarzunar tsinin wuƙa, an ɓanɓare shi. Idan ka ga wani ƙyalli ko farin busasshen abu tsakanin murfi da zobe, gam ne. Idan rubutu ko zanen da ya ratsa daga murfi zuwa zobe bai haɗu ba, an taɓa raba su. Sannan riƙe murfin ka ɗan motsa shi kaɗan ba tare da ka buɗe ba: na masana'anta ba ya rawa, ba ya juyawa a banza. Kifa kwalbar na ɗan lokaci, ka shafa wuyanta, ka shinshina yatsanka. Kwalbar da aka rufe da kyau ba ta yoyo, ba ta fitar da wari.

Wata dabarar da ke ruɗin mutane ita ce ledar nan mai mannewa da ake rufa wa murfi. Ido na ganinta sai hankali ya kwanta, alhali kowa na iya sayenta ya ɗame ta da na'urar busar da gashi. Idan ka san kamfanin ba ya sa irin wannan leda, ganinta ma abin zargi ne, domin ana sa ta ne a ɓoye murfin da aka lalata. Haka nan robar da wasu kamfanoni ke sawa a bakin kwalba, mai ɗan ƙwallo a ciki, wadda ke barin ruwa ya fita amma ba ta barin ya shiga. Tana rage ɗure ƙwarai, amma ba ta hana shi baki ɗaya, don akwai masu zare ta su mayar. In ta yi sako-sako ko ta karkace, a bar kwalbar.

Yanzu sauko ƙasa. Jera kwalbar da 'yan'uwanta biyu ko uku a kan kanta ka dubi inda ruwan ya tsaya a wuya. Injin masana'anta yana cika su kusan layi ɗaya, mai ɗura da mazurari kuwa wata ta ɗara wata. Launin ma ya zama iri ɗaya, ruwan garau, babu gari-gari a gindi. Takardar jiki ba ta da wuyar dubawa: kuskuren rubutu, launi mai dushewa, gam da ya fito ta gefe, ko takardar da ta yi laushi da tabon ruwa alhali murfin sabo fil, wanda ke nuna an wanke tsohuwar kwalba ce. Wuskin Sukotland ba ya kasa kashi 40 cikin 100 na ƙarfi, don haka adadin da ya gaza haka a takarda ƙarya ce a fili. Nemi kuma lambar rukunin da aka yi kayan, wadda sau da yawa ke farawa da harafin L, a zane a jikin gilashi kusa da gindi ko a buge a takardar baya. Idan an kankare ta, wani ne ba ya son a gano inda kwalbar ta biyo. A Najeriya a ga lambar rajistar NAFDAC da sunan kamfanin da ya shigo da kayan, a Gana kuma akwai tambarin haraji a kan murfi wanda ake iya tantancewa da manhajar hukumar tara haraji ta ƙasar. Amma a tuna, lambar rajista ta gaskiya tana nan daram a jikin tsohuwar kwalbar da aka sake cikawa, shi ya sa ni na fi ba murfi nauyi a kanta.

Me ya sa duk wannan bin diddigi? Da a ce asarar kuɗi ce kawai, da sauƙi. Mafi yawan jabun barasa ce mai araha da aka sa wa kala da ƙamshi, amma wani lokaci mai haɗawa yana amfani da sinadarin masana'antu mai ɗauke da metanol, wanda ake narkar da fenti da shi. Ba a bambanta shi da barasar sha ta ido ko hanci ko harshe. Kimanin mililita 10, wato ƙananan cokula biyu, na iya makantar da mutum, mililita 30 na iya kashewa. Hanta ce ke mayar da shi guba mai cin jijiyar gani. A Jamhuriyar Cek, a watan Satumbar 2012, irin wannan haɗi da aka zuba a kwalabe masu takardun jabu ya kashe mutane gomiya, har gwamnati ta dakatar da sayar da duk barasar da ta haura kashi 20 cikin 100 na wani lokaci. A gida Najeriya ma, a 2015, metanol a cikin ogogoro ya hallaka mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas.

Gwaje-gwajen da ake yaɗawa a mashaya ba su da tabbas. Masu kunna ashana su dubi launin wuta suna yaudarar kansu, don metanol da aka gauraya da barasa ba ya nuna kansa a harshen wuta yadda ido zai rabe. Girgiza kwalba a kalli kumfa ko sa ta a firiza na iya nuna an tsarma ruwa da yawa, amma ba su cewa komai game da guba. Ɗakin gwaji ne kawai ke iya wannan.

Mugun halin metanol shi ne jinkiri. Mutum ya sha, ya kwana, sai bayan awa 12 zuwa 24, wani lokaci fiye, ya tashi da ciwon kai mai tsanani da amai da ciwon ciki, numfashi na fita da sauri, gani ya yi dishi-dishi kamar ana hazo. Wannan ba ragowar maye ba ne da za a ce ya sha ruwa ya kwanta. A kai shi asibiti nan take, a tafi da kwalbar, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha, ko da kunya za ta hana, domin akwai magani da wankin jini da ke ceton ido da rai idan an fara da wuri. Duk wanda suka sha tare a nemo shi, ko bai fara jin komai ba.

Masu otal da wuraren biki kuma suna da nasu hannun a ciki ba tare da sun sani ba. Kwalbar da aka zubar lafiya lau, da murfinta da kwalinta, 'yan jari-bola na tsinta, kuma ta babban suna ta fi sauran kuɗi, don an san inda za ta ƙare. Kafin a jefar, a yage takardar ko a ƙarje ta da wuƙa, a lotsa murfin, a keta kwalin, a zubar da su daban-daban.