Kafin akanta ta tafi hutun haihuwa: abin da takardar miƙa aiki za ta ƙunsa

A shekarar 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta amince wa ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida. Dokar ƙwadago ta Najeriya kuwa mako 12 ta tanada. Ko wanne aka ɗauka, lokaci ne da za a biya albashi a cikinsa aƙalla sau biyu. Haka abin yake ga mai tafiya ƙarin karatu ko doguwar jinya. Kujera ba ta zama babu kowa, dole wani ya hau, kuma abin da zai dogara da shi 'yan shafuka ne da mai tafiya ya bari, waɗanda a ofis ake ce wa handoba, wato takardar miƙa aiki.

Yawancin irin waɗannan takardu matsalarsu ɗaya ce. Mai tafiya yakan kwafo jerin ayyukansa daga takardar ɗaukarsa aiki: shirya albashi, kula da asusu, biyan haraji. Wanda zai karɓa ya riga ya san wannan. Abin da ya ɓace masa shi ne inda kowane aiki ya tsaya a ranar da aka miƙa masa, da ranar da wa'adinsa zai cika, da wanda ke riƙe da mabuɗinsa.

A ɗauki misalin akantar wata makaranta mai zaman kanta da ke da ma'aikata 30, za ta tafi hutun haihuwa, mataimakinta zai riƙe mata. Shafin farko na takardarta kalanda ya kamata ya zama, domin a aikin kuɗi jinkiri tara yake jawowa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10, a tura kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai daga ranar biyan albashi. Idan albashin da ake lissafin fansho a kansa naira 100,000 ne, naira 8,000 za a cire, makaranta ta ɗora 10,000, a tura 18,000. Wanda ya makara, dokar ta ɗora masa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ba a kowane wata. Harajin albashi kuma ana so ya isa hukumar haraji ta jiha zuwa ranar 10 ga wata mai bi. Akanta ta haddace waɗannan ranaku har ta manta cewa koya ta yi, shi ya sa sau da yawa su ne ba sa shiga takarda. Mataimaki kuwa sai ya ga wasiƙar tara kafin ya san akwai su.

Bayan kalanda sai ayyukan da aka fara ba a gama ba, kuma a nan ake gane ƙwararre. Layi irin "ana maganar kujeru da kafinta" bai amfani kowa ba. Abin da ake buƙata shi ne a ce an ba kafinta aikin kujeru 60, an biya shi rabin kuɗi, ya kawo 40, an yi da shi cewa ba za a cika masa ba sai sauran 20 sun iso, kuma rasit na kafin alƙalami yana fayil kaza. In ba a rubuta haka ba, mako biyu da tafiyar akanta kafinta zai bayyana ya ce, "Ai Hajiya ta ce in zo in karɓi cikon kuɗina." Mataimaki ba shi da abin musa masa, kuma kunya ba za ta bar shi ya yi ta kiran mai jego ba. Alkawuran baka ma nan ne wurinsu: uban da aka yarje wa ya biya kuɗin makaranta kashi uku, da malamin da ya ci bashin albashi ana cire masa kaɗan-kaɗan, da adadin da ya rage a kansa.

Cak ɗin da aka rubuta aka bayar amma ba a kai banki ba, shi ma a jera shi da lambarsa da ranarsa. Kuɗinsa na nan zaune a asusu kamar na makaranta, alhali an riga an kashe su. Mataimakin da bai sani ba zai iya ɗora wani biyan a kansu, cak ya dawo. Banki kuma ba ya biyan cak da ya wuce wata shida, wanda shi ne daidai tsawon wani hutun.

Kuɗin hannu ba a miƙa su da baki. Su biyun za su zauna su ƙirga, zai fi kyau a gaban shugaban makaranta. A ce kuɗin ƙananan hidimomi da ake ajiyewa a akwati naira 200,000 ne. An ƙirga tsaba an sami 63,500, rasit na abin da aka kashe ya kama 121,500. Jimla 185,000 ke nan, saura 15,000. Idan akwai takardar da direba ya sa wa hannu cewa ya karɓi 15,000 na mai bai kawo rasit ba tukuna, lissafi ya cika, sai a rubuta haka su duka su sa hannu da kwanan wata. Idan babu, to a warware maganar a ranar. Wasu na ganin ƙirga kuɗi a gaban abokin aiki kamar zargi ne. Alhali wannan sa hannun kariya ce ga mutuncinsu duka biyu, domin bayan wata shida babu mai iya tuna a hannun wa giɓin ya faru.

Akwai kuma wani tarko na zamani. Biyan kuɗi ta intanet yakan nemi lambar sirri da banki ke turowa wayar wanda aka yi wa rajista. Ranar albashi sai a tarar lambar na shiga wayar akanta, ita kuwa tana asibiti. Mafita mai sauƙi da mutane ke bi ita ce ta bar wa mataimaki kalmar sirrinta ko na'urar lambobinta, kuma wannan kuskure ne babba: duk abin da aka biya da sunanta zai fito, ita za a tuhuma. Hanyar da ta dace ita ce makaranta ta rubuta wa banki tun da wuri, a yi wa mataimaki tasa rajistar. Kalmar sirri ba ta shiga takardar miƙa aiki. Abin da ke shiga shi ne wa ke da izinin shirya biya, wa ke amincewa, kuma har nawa mataimaki zai iya kashewa ba tare da ya nemi shugaba ba.

Saboda haka ne ba a barin rubutun sai ranar ƙarshe, balle ma haihuwa ba ta jiran ranar da likita ya ƙiyasta. Masu lura sukan gama daftarin wata guda kafin tafiya, sannan su bar mataimaki ya shirya albashin wannan watan da kansa, da takardar kaɗai a gabansa, akanta na gefe ba ta cewa komai. Duk inda ya tsaya ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, wannan fa?" to an gano layin da ya ɓace, sai a ƙara shi nan take. Bayan an gyara a yi kwafi uku: ɗaya na mataimaki, ɗaya a fayil ɗin shugaba, ɗaya akanta ta tafi da shi gida, domin da shi za a sake ƙirga akwatin ranar da ta dawo.