Yadda ake sarrafa hoton da ya fi ƙarfin kwamfuta

Girman da ake gani a jikin fayil ɗin hoto ba shi ne girman hoton na gaskiya ba. Hoton wayar hannu mai fiksil miliyan 12 yakan ɗauki megabayit uku ko huɗu a ajiye, domin an matse shi. Da zarar an buɗe shi don a yi aiki a kansa, dole kwamfuta ta warware matsin, ta shimfiɗa kowane fiksil, wato kowane ɗigo na hoton, a cikin ma'adanar aiki da ake kira RAM. A nan kowane ɗigo yana cin bayit uku, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, sai hoton ya koma megabayit 36. Wannan ba wani abu ba ne ga kwamfutar yau. Matsalar tana soma bayyana ne a hotunan da ɗigoginsu suka kai ɗaruruwan miliyoyi, irin na tauraron ɗan'adam.

Taurarin Sentinel-2 na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, suna ɗaukar hoton ƙasa, ana kuma raba shi kyauta. Masu nazarin gonaki da dazuzzuka da ruwan Tafkin Chadi suna amfani da shi sosai. Kowane fage da ake saukewa yana da faɗin kusan kilomita 110 a kowane ɓangare, kuma a mafi kyawun ingancinsa kowane fiksil yana wakiltar mita 10 a ƙasa. Wato fiksil 10,980 a tsaye, 10,980 a kwance, jimilla fiye da miliyan 120. Kowane launi yana zuwa a fayil ɗinsa daban, kowane fiksil kuma bayit biyu ne, saboda haka launi ɗaya kaɗai megabayit 241 ne idan an warware shi.

Har yanzu wannan bai isa ya kayar da kwamfuta ba. Lissafin da ake yi a kan hoton shi ne ke cinye wuri. Mafi shaharar lissafin shi ne NDVI, ma'aunin koren tsirrai, wanda ke buƙatar launi biyu: ja, mai lamba B04, da wani haske da ido ba ya gani amma ganye mai lafiya yana mayar da shi da ƙarfi, mai lamba B08. Ana cire ja daga B08, a kuma haɗa su, sannan a raba na farko da na biyu. Kafin a yi haka sai an mayar da lambobin zuwa nau'i mai ɗigon goma, kuma manhajoji da yawa sukan zaɓi nau'in da ke cin bayit takwas. Kowane launi ya tashi daga megabayit 241 zuwa 964. Launi biyu, da sakamakon cirewa, da na haɗawa, da amsar ƙarshe, shimfiɗa biyar ke nan, kusan gigabayit 4.8. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM na gigabayit 4 ta riga ta gaza, mai 8 kuma tana nishi. Fage ɗaya ke nan. Nijeriya gaba ɗaya, a wannan ingancin, ta haura fiksil biliyan tara, launi ɗaya ya wuce gigabayit 18 tun kafin a fara wani lissafi.

Alamomin gazawar sanannu ne. Wani lokaci shirin yakan tsaya da saƙon `MemoryError`. A Linux yakan ɓace kawai, a bar kalmar `Killed` a allo, domin tsarin ya kashe shi don ya ceci kansa. Mafi ɓata lokaci shi ne idan bai tsaya ba: RAM ya cika, kwamfuta ta soma zuba rarar a faifan ajiya, wanda ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba, sai aikin minti biyu ya kwana bai ƙare ba.

Mafita ta farko ita ce yanka hoton zuwa ƙananan murabba'ai da ake kira tayil. Ba wanda ke juye rumbu gaba ɗaya cikin turmi; ana ɗebo abin da turmin zai ɗauka, a daka, a kwashe, a sake ɗebowa. NDVI ya dace da wannan tsari ƙwarai, saboda amsar kowane fiksil ta dogara ne a kan wannan fiksil ɗin kaɗai. Idan tayil yana da fiksil 512 a kowane ɓangare, shimfiɗa ɗaya mai bayit takwas megabayit biyu ce da ɗoriya, shimfiɗa biyar kuma wajen megabayit goma. Fagen zai kasu zuwa jeri 22 sau 22, tayil 484, na bakin dama da na ƙasa ba cikakku ba ne, faɗinsu fiksil 228. Ana karanta tayil, a yi lissafi, a rubuta amsar a fayil ɗin fitarwa, a saki wurin, a wuce na gaba. Aikin da ya nemi gigabayit 4.8 ya koma neman megabayit goma da 'yar ƙari, amsar kuma daidai take da ta farko, fiksil da fiksil. A harshen Python, da kayan aikin rasterio, ginshiƙin abin bai wuce haka ba:

```python
import rasterio

with rasterio.open("B04.tif") as f:
    for _, w in f.block_windows(1):
        yanki = f.read(1, window=w)
```

Sai dai yankawar ba ta yin amfani sosai idan fayil ɗin kansa ba a tsara shi don haka ba, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Fayil ɗin PNG, da JPEG na yau da kullum, an matse su ne daga sama zuwa ƙasa a zare guda, ta yadda mai son wani yanki a ƙasan hoton sai ya warware abin da ke samansa. TIFF yana da hanya biyu. Yana iya ajiye hoto layi-layi, yana kuma iya ajiye shi tayil-tayil, kowanne da matsinsa da adireshinsa a cikin fayil, abin da ya shiga ƙa'idar TIFF tun 1992. Idan aka nemi murabba'i mai fiksil 512 daga fayil mai layi-layi, sai an warware cikakkun layuka 512 daga wannan baki zuwa wancan, megabayit 11, domin a ciri rabin megabayit. Umarnin `gdalinfo` yana nuna irin fayil ɗin da ke hannu: `Block=10980x1` na nufin layi-layi, `Block=512x512` na nufin tayil. Gyaran umarni ɗaya ne, kuma ya cancanci a yi shi kafin komai:

```
gdal_translate -of COG B04.tif B04_tayil.tif
```

Wannan yana fitar da fayil mai tayil, haɗe da ƙananan kwafe na hoton, rabi, rubu'i, har zuwa ƙarami. Kwafen suna ƙara kusan sulusi a girman fayil, amma da su ne ake iya kallon fagen gaba ɗaya a allo ba tare da an karanta fiksil miliyan 120 ba. Irin wannan fayil ana iya karanta tayil ɗinsa ɗaya ko biyu kai tsaye daga intanet, abin da ke da muhimmanci a inda data ke da tsada. TIFF na asali ba ya wuce gigabayit 4; hoton da ya fi haka yana buƙatar nau'in BigTIFF.

Ba kowane aiki ne ke yankuwa lafiya kamar NDVI ba. Akwai aikin da amsar fiksil ta dogara a kan maƙwabtansa, kamar sassauta hoto ta hanyar ɗaukar matsakaicin murabba'i mai fiksil biyar sau biyar. Fiksil ɗin da ke bakin tayil yana buƙatar maƙwabta biyu da ke cikin tayil na gaba. Idan ba a kawo su ba, manhaja za ta cike gurbin da sifili ko ta maimaita na bakin, sai siraran layuka su fito a hoton ƙarshe, a tsaye da kwance, kowane fiksil 512. Tazarar layukan ita ce shaidar: idan ta yi daidai da girman tayil, laifin na yankawa ne, ba na ƙasa ba. Maganin shi ne a karanta kowane tayil da ƙarin gefe, 516 sau 516, a yi lissafin, a datse gefen, a rubuta 512 na tsakiya kaɗai. Faɗin gefen ya danganta da nisan da lissafin ke leƙawa, kuma idan an jera tacewa biyu, gefensu haɗuwa yake yi.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni a ido. Wasu ayyuka suna buƙatar sanin hoton duka, misali daidaita haske ta yadda mafi duhu zai zama baƙi, mafi haske ya zama fari. Idan kowane tayil ya nemi nasa mafi duhu da mafi haske, tayil ɗin da ke kan ruwa da wanda ke kan yashi za su sami ma'auni daban, hoton ya fito faci-faci. A nan sai an zagaya sau biyu. A zagayen farko ana bi ta kan tayil duka ana tara lambobi biyu kawai, mafi ƙanƙanta da mafi girma. A na biyu ana amfani da su a kan kowane tayil. An ninka lokacin karatu, amma RAM bai ƙaru ba.

Mafita ta biyu, jinkirta karatu, tana ɗauke wa mai aiki yawancin wannan wahala. A wannan tsari, buɗe fayil ba ya karanta fiksil ko ɗaya, sai bayanin girmansa da tsarinsa. Umarnin cirewa da haɗawa da rabawa su ma ba sa aiwatar da komai nan take. Ana rubuta su ne a matsayin jerin matakai. Sai an ce a rubuta sakamako sannan injin ya soma jan tayil daga ƙarshen jerin, kowane mataki yana neman daga na bayansa daidai yankin da yake buƙata, har da ƙarin gefe. Ta haka shimfiɗa biyar ɗin nan ba sa taɓa wanzuwa a cike. Manhajar libvips, wadda ta samo asali daga aikin ɗaukar hoton zane-zane a National Gallery ta Landan, a kan wannan tsari aka gina ta. A Python kuma dask yana yin makamancin haka ga manyan jerin lambobi.

Jinkirin yana da tarkonsa. Layi ɗaya da ya nemi sakamakon duka a lokaci guda, kamar `.compute()` a dask ko `read()` ba tare da `window` ba a rasterio, yana rushe tanadin gaba ɗaya, kuma saƙon gazawar yakan fito a wannan layin ko da nauyin ya taru ne tun matakan baya. Sakamako babba ana rubuta shi kai tsaye a faifai ne. Haka nan kowane ma'aikaci da ke gudu a lokaci guda yana riƙe da nasa tayil, saboda haka RAM da ake buƙata shi ne nauyin tayil ɗaya sau yawan ma'aikata, a ƙara da ma'ajiyar wucin gadi ta GDAL, wadda a tsarinta na asali takan ɗauki har kashi 5 cikin ɗari na RAM kuma ana rage ta da `GDAL_CACHEMAX`.

Girman tayil kuwa tsaka-tsaki ake nema. Ƙanana ƙwarai suna sa lokaci ya tafi a buɗewa da rufewa da karanta gefe, manya ƙwarai suna dawo da matsalar da aka gudu. Daga 256 zuwa 1,024 ne aka fi amfani da shi, kuma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ta yi daidai da tayil ɗin cikin fayil ko ninkinsa, don kada a warware yanki ɗaya sau biyu. Mayar da lambobin zuwa nau'in `float32` mai bayit huɗu ya wadatar ga NDVI, kuma shi kaɗai yana rage buƙatar RAM da rabi.