Farin garin da ke tona asirin siminti

Magini da ke kwaɓa siminti da safe ba ya tunanin cewa akwai wani abu a cikin buhun da ke hana kwaɓin daskarewa kafin ya kai shi kan bulo. Abin kuwa shi ne jifsam, wani farin dutse mai laushi da ake haƙowa a wurare irin su Fika a Jihar Yobe. A masana'antun siminti, ko na Kalambaina a Sakkwato ko na Ashaka a Gombe ko na Malbaza a Nijar, ana niƙa ɗan kaɗan daga cikinsa tare da ƙonannen dutsen da ya fito daga tanderu. Idan ya yi kaɗan, siminti ya kama da wuri. Idan ya yi yawa, sinadarin salfet da ke cikinsa na iya kumbura kankare bayan ya bushe, gini ya tsage. Shi ya sa ƙa'idojin siminti suka yi wa salfet iyaka, galibi kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari idan an lissafa shi a matsayin SO₃.

To, ta yaya ake sanin yawansa, alhali ya gauraye da garin toka-toka? Akwai na'urorin zamani masu ba da amsa cikin mintoci, amma idan gardama ta tashi, tsohuwar hanya ake komawa: a raba salfet ɗin da sauran abubuwa, a mayar da shi gari, a ɗora a sikeli.

Dabarar ta dogara ne ga wani hali na sinadarin bariyam. Duk inda ya haɗu da salfet a cikin ruwa, sai su manne su zama bariyam salfet, BaSO₄, farin gari mai nauyi wanda kusan ba ya narkewa. Lita guda ta ruwa ba ta iya narkar da fiye da miligiram biyu da rabi nasa. Shi ne dutsen barait da ake haƙa a Azara ta Jihar Nasarawa, shi ne kuma farin kunun da ake ba majiyyaci ya sha kafin a ɗauki hoton hanjinsa. Bariyam mai narkewa guba ne, amma wannan yakan wuce ta ciki ya fita ba tare da ya shiga jini ba.

A tsarin ASTM C114, mai gwaji yakan auna giram 1 na siminti, ya zuba masa ruwan sanyi mililita 25 da asid na haidirokulorik mililita 5, ya murtsuke gudajin da sandar gilashi, ya ɗumama, ya tace abin da bai narke ba. Ruwan da ya tsiyaya sai a ƙara shi ya kai mililita 250, a tafasa. Daga nan ne ake kawo ruwan bariyam kuloraid mai zafi, mililita 10, a riƙa ɗiga shi ɗigo-ɗigo ana motsawa. Da farko kamar ba abin da ya faru. Can sai ruwan ya fara dushewa, ya koma kamar an ɗiga madara a cikinsa.

Ɗalibi mai gaggawa a nan yake fara ɓata aiki. Yana ganin fari ya bayyana sai ya juye sauran bariyam ɗin gaba ɗaya, ya ɗauko takardar tacewa. Abin da zai gani shi ne farin ruwa na bi ta takardar yana zuba ƙasa kamar ba a sa komai ba, domin ƙwayoyin da suka samu sun fi ƙofofin takardar ƙanƙanta. Masanin Rasha Peter von Weimarn ya yi nazarin wannan a farkon ƙarni na 20, kuma da bariyam salfet ya yi yawancin gwajinsa. Abin da ya gano shi ne, idan sinadaran biyu suka haɗu da kauri a lokaci guda, ƙananan ƙwayoyi ne bila adadin ke tsirowa, babu wadda ta samu abin girma. Idan kuwa ruwan tsararo ne, mai zafi, mai ɗan asid, ana kuma zuba bariyam a hankali, ƙwayoyi kaɗan ne ke tsirowa, sauran sinadarin ya riƙa hawa kansu suna girma.

Asid ɗin yana da wani aikin. Bariyam yakan kwanta da kabonet da fosfet ma, su ma farare ne, ido ba zai bambanta su ba. A cikin ɗan asid waɗannan ba sa kwantawa. Sai dai in asid ya yi yawa, shi kansa bariyam salfet yakan fara narkewa, a yi asararsa a ruwan da aka zubar.

Bayan ɗigon ƙarshe sai a rufe kofin gilashin, a ajiye shi a kan zafi da bai kai tafasa ba, a bar shi ya tsima. Tsarin siminti ya ce awa 12 zuwa 24, wato yawanci sai ya kwana. Mai kallo zai ɗauka zaman banza ne, amma a cikin kofin aiki ake yi. Ƙananan ƙwayoyi sun fi manya saurin narkewa, don haka sukan narke, abin da ya fita daga jikinsu ya je ya hau kan manya. Masana na jingina bayanin wannan ga Wilhelm Ostwald na Jamus. Su manyan ma sukan gyara zaman jikinsu, ramukan da gaggawar girma ta bari su cike, dattin da ya maƙale ya samu hanyar komawa ruwa. Da safe za a tarar garin ya kwanta a gindin kofi kamar gasara, ruwan sama ya yi garau. A ɗiga masa bariyam ɗigo ɗaya ko biyu: in bai dushe ba, salfet ya ƙare.

Wannan dattin da ke maƙalewa shi ne babban ciwon kan aikin. Bariyam salfet ya yi ƙaurin suna wajen jan 'yan gayyar soɗi, wato sinadaran da a karan kansu narkewa suke yi, ba su da dalilin kwantawa, amma sai ƙwayar da ke girma ta rufe da su a cikinta. Wanki ba ya fitar da su, tunda ba a bayan ƙwayar suke ba. Kuma ɓarnarsu iri biyu ce, ɗaya na ƙara nauyi, ɗaya na ragewa.

Kuloraid da naitiret su ne masu ƙarawa. Sukan shigo riƙe da nasu bariyam ɗin, sikeli ya auna su, mai lissafi ya ɗauka duk salfet ne. Naitiret ya fi naci, shi ya sa ba a amfani da bariyam naitiret a wannan aiki, kuma in samfurin na ɗauke da naitiret sai an ƙafar da shi da asid na haidirokulorik sau biyu ko uku tukuna. Shi kuwa kuloraid ba makawa yana cikin kofin, tunda da shi aka kawo bariyam. Maganinsa ɗigo-ɗigo da tsimawa, da kuma kada a juya tsari a zuba samfurin cikin ruwan bariyam.

Masu ragewa sun fi ban mamaki, don hankali ba ya saurin yarda cewa datti zai sa abu ya yi sauƙi. Kalshiyam da sodiyam da fotashiyam sukan zauna a gurbin bariyam, alhali bariyam ya fi su nauyi nesa ba kusa ba. Salfet ɗin da zai ba da nauyi 233 in ya kwanta da bariyam, 136 kawai zai bayar in kalshiyam ya riƙe shi. Siminti kuwa fiye da rabinsa sinadarin kalshiyam ne, wanda ke nuna dalilin tsarma giram guda cikin ruwa har mililita 250. Ƙarfe ma yana cikin masu ragewa, amma shi yakan tona kansa: garin da ya kamata ya fito daga wuta fari fat sai ya fito da ɗan ja-ja kamar tsatsa, alamar wani ɓangare na salfet ya tashi a hayaƙi ya bar ƙarfen. A samfurin da ƙarfe ya yi yawa, kamar dutsen ma'adini, ana fara kwantar da ƙarfen da amoniya a tace shi kafin a kawo bariyam.

Da wani garin ne, da sai a sake narkar da shi a kwantar da shi karo na biyu ya fito da tsabta. Wannan ba ya yarda. Rashin narkewar da ya sa aka zaɓe shi, shi ne ya toshe hanyar gyara, sai dai a narka shi a wuta da sodiyam kabonet, aikin da ya fi sake gwajin daga farko wahala.

Tacewa ana yin ta da takarda mai matsattsun ƙofofi wadda ba ta barin toka in ta ƙone. Garin yana da halin rarrafe, yakan hau gefen mazurari, don haka ba a cika takardar har baki. Ana wanke shi da ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ana tarar 'yan ɗigon da ke fita a gwada su da silba naitiret. Muddin suna dushewa, da sauran kuloraid. Suna daina dushewa sai a tsaya, don kowane ƙarin wanki yana tafiya da ɗan garin.

Sai a naɗe takardar a sa a ƙaramin kaskon tangaran da aka riga aka ƙona aka san nauyinsa. A busar, a bar takardar ta zama gawayi a hankali, murfi a karkace don iska ta shiga. Ba a bari ta kama da wuta, domin harshen wuta yakan ɗauke gari. Haka kuma in aka ƙara zafi gawayin bai ƙare ba, zai ƙwace iskar oksijin daga bariyam salfet ya mayar da shi bariyam salfaid, wanda ya fi sauƙi. In an ga garin ya yi duhu, ana ɗiga masa asid na salfurik ɗigo ɗaya, a ƙafar, a sake ƙonawa. Daga nan sai tanderu, digiri 800 zuwa 900, sannan a sanyaya kaskon a rufaffen tulun gilashi mai shan laima, a auna, a mayar wuta, a sake aunawa har nauyin ya daina canzawa.

Lissafin shi ne mafi sauƙi. A kowane giram na bariyam salfet akwai giram 0.343 na SO₃. A ce kaskon ya ƙaru da giram 0.0729: a ninka da 34.3, a samu kashi 2.50 cikin ɗari, siminti ya tsaya cikin iyaka. Garin da aka kwana ana jira ke nan bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, abin da zai zauna a kan farce. Miligiram guda da ya bi ruwa ko ya maƙale a jikin kofi yana sauya amsar da kusan 0.03. A simintin da ke tsakiyar iyaka ba wanda zai damu. A wanda ya fito 3.48, iyaka kuma 3.5, wannan miligiram ɗin ne zai sa a saki kayan ko a riƙe su, shi ya sa masu gwaji ke jera kofi biyu na samfuri ɗaya, da na uku mai sinadarai kawai ba siminti, don a cire nauyin duk abin da kwalabe da takarda suka kawo.