Dalilin da Ya Sa Wasu Lissafai Ke Tilasta wa Kwamfuta Tafiyar Hawainiya

A sarrafa sinadarai, wani sauyi yakan kammala cikin ƙiftawar ido, wani kuma ya ɗauki sa'o'i. Lissafin da ya haɗa biyun shi ake kira mai taurin kai.

Mu ɗauki y' = -1000y, inda y ke narkewa zuwa sifili nan take. Dabarar Euler ta kai-tsaye tana hasashen gaba daga halin yanzu, tana ninka y da (1 - 1000h) a kowane taki h. In h ya kai 0.01, ninkin ya zama -9: daga 1 sai -9, sai 81, sai -729. Amsar da ya kamata ta mutu sai ta yi ta kumbura tana sauya alama. Dole h ya gaza 0.002, ko da ɓangaren mai saurin ya daɗe da lafawa.

Dabarar Euler ta a-fakaice kuwa da gangaren wurin da za a sauka take aiki, sai ta raba y da (1 + 1000h). Da takin 0.01, rabawa ce da 11, amsa na ta raguwa. Wannan hali Germund Dahlquist ya bayyana a 1963: duk abin da ke lafawa a irin wannan lissafin gwaji, ya lafa a kwamfuta komai girman taki. Farashinsa shi ne warware lissafi a kowane taki, kuma daidaiton amsa na buƙatar a kula da girman takin.