Fetur, dizal ko iskar gas: nawa kilomita ɗaya ke ci wa direban Gatawa?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin direban haya ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a watan Oktoban 2024, kuma ko da ta ɗan sauko daga baya, ba ta koma kusa da inda ta fito ba. Maganin da gwamnatin tarayya ta gabatar shi ne a mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda aka fara tallata ta a kan Naira 230. Wannan albishir ya isa kunnen direbobin Gatawa da Sabon Birni da Isa kamar yadda ya isa na Legas da Abuja. Sai dai farashin da ke jikin famfo ba ya gaya wa direba ribarsa. Abin da ke gaya masa shi ne nawa kowace kilomita ta ci, a kan hanyar da yake bi da motar da yake ja.

Kafin a shiga lissafi, ya kamata a warware wani ruɗani na suna. A tashoshinmu abu uku ne ake kira gas. Akwai dizal, wanda direbobi suka daɗe suna kira gas. Akwai gas ɗin girki da ake ɗurawa a tukunya a kai gida. Sannan akwai CNG, iskar ƙasa da ake matsewa da ƙarfi a cikin tulun ƙarfe mai kauri a ɗaura a but ɗin mota. Wannan ta ukun ce ake nufi idan ana maganar sauya mota, kuma ba a auna ta da lita, da wani ma'auni ake sayar da ita da ake kira SCM, wanda ƙarfinsa ya ɗan ɗara na litar fetur ɗaya.

Matakin farko shi ne direba ya san cin motarsa, ba da kintace ba. Ya cika tanki har baki, ya rubuta lambar da agogon tafiya ya nuna, ya yi aikinsa na kwana biyu ko uku, sannan ya sake cikawa har baki. Litar da ya ƙara ita ce abin da motar ta sha. Ya raba kilomitocin da ya yi da wannan litar, sai ya ga kilomita nawa lita ɗaya ke kai shi. Idan agogon ya mutu, kamar yadda yake a yawancin tsofaffin Golf da Sharon da ke haya, ya yi amfani da hanyar da ya san nisanta, ya ƙirga sawu. Sharaɗi ɗaya ne: a auna da fasinja da kaya kamar kullum, domin motar da ta ɗauko buhunan gero daga kasuwa ba ta sha daidai da wadda ta tafi wayam.

Bari mu ɗauki misali, mai karatu kuma ya sauya alƙaluman da na garinsu. Mu ƙaddara motar fetur tana yin kilomita 10 da lita ɗaya, litar kuma Naira 950 ce. Kowace kilomita ta ci Naira 95. Irin wannan motar mai injin dizal za ta iya yin kilomita 14 da lita, domin injin dizal ya fi tattalin mai. Idan litar Naira 1,100 ce, kilomita ta tsaya a wajen Naira 79. Ta CNG kuwa, idan SCM ɗaya ya kai kilomita 11 kuma an saye shi Naira 380, kilomita ba ta wuce Naira 35 ba. A takarda ke nan: 95 da 79 da 35. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai magana ta ƙare. Direban birnin da ke da tashar gas a unguwarsu, idan yana yin kilomita 4,000 a wata, zai tsira da Naira 240,000 duk wata, ya fanshe kuɗin sauyi na Naira miliyan 1.2 cikin wata biyar.

To amma Gatawa ba Abuja ba ce. Tulun da aka fi ɗaura wa ƙananan motoci mai lita 65 ne, kuma abin da yake ɗauka bai wuce SCM 13 zuwa 15 ba, wato tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka. Da ya ƙare, motar ta koma kan fetur. Tashoshin CNG kuwa sun fi yawa ne a inda bututun gas ya ratsa ko ya kusanta, kamar Legas da Benin da Abuja. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, daga Ajaokuta ya taso ya bi ta Kaduna zuwa Kano. Bai biyo ta ƙasar Gobir ba. Duk gas ɗin da zai zo wannan yanki sai an ɗauko shi a tirela, kuma mai zuba jari zai fara duba babban birni kafin ya waiwayi ƙaramar hukuma.

Saboda haka direban da aikinsa bai wuce tsakanin Gatawa da Sabon Birni da Isa ba, lissafinsa gajere ne. Sakkwato ta fi kilomita 100 daga Sabon Birni. Ko da ya tarar da gas a can, zuwa da dawowa kaɗai ya cinye fiye da abin da tulun ya ɗauka. Ya zama an sayar da akuya don a sayi igiyar ɗaure ta. Muddin ba a kawo tasha kusa da shi ba, tulu a motarsa nauyi ne kawai.

Wanda lissafin ya shafa da gaske shi ne mai jigila zuwa Sakkwato ta Goronyo. Mu ƙaddara sawu ɗaya, zuwa da dawowa, kilomita 300 ne, kuma yana samun cika tulu sau ɗaya a birni. Rabin tafiyar a kan gas zai ci Naira 5,250, ɗaya rabin a kan fetur Naira 14,250. Jimilla Naira 19,500, maimakon Naira 28,500 da zai kashe da fetur zalla. Ya tsira da Naira 9,000, kuma kilomitarsa ta zama Naira 65, ba 35 ba.

Ba a nan ragin ya tsaya ba. Tulun yana cinye wani babban sashe na but, alhali a wannan hanya kuɗin kaya ba ƙaramin abu ba ne a aljihun direba. Idan buhu biyu ko uku da ya bari a tasha sun kai Naira 3,000 a kowane sawu, ribar ta sauko zuwa Naira 6,000. Sawu 12 a wata ya ba shi Naira 72,000, wato sai ya yi kimanin wata 17 kafin ya ga kuɗin sauyinsa. Sannan kowa ya san halin da hanyoyin gabashin Sakkwato suke ciki. Ba a manta da matafiyan da aka ƙona a mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa a watan Disambar 2021 ba. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin 'yan bindiga, mota ba ta fita. Idan sawu ya ragu zuwa takwas a wata, fansar kuɗin ta koma wata 25, wanda ya ci bashi kuma mai bashi ba ya jiran hanya ta yi kyau.

Dizal fa? A sawun nan na kilomita 300 zai ci Naira 23,700, ya bar wa direba Naira 4,800, but ɗinsa kuma yana nan yadda yake. Tanki ɗaya zai kai shi ya dawo da shi, abin da ke da daraja a yankin da gidajen mai kan yi ƙaranci har a koma wa 'yan bumburutu. Wanda ya sayi fetur a galan kan Naira 1,200, kilomitarsa ta tashi Naira 120. Raunin dizal yana wajen gyara. Famfon mai da nozul ba sa jure man da aka gauraya da kananzir ko wanda ruwa ya shiga, kuma alamar farko ita ce wahalar tashi da safe da hayaƙi mai yawa da raguwar ƙarfi a hawa. Makanikin da ya iya su sai a birni. Idan irin wannan gyara ya ci Naira 300,000 a shekara, a raba shi da kilomita 43,200 da motar ta yi, ya ƙara Naira bakwai a kan kowace kilomita. Dizal ya koma Naira 86.

A yi wa CNG irin wannan adalcin. A raba Naira miliyan 1.2 a kan tafiyar shekara uku, ta ƙara Naira tara a kilomita. Asarar kaya ta ƙara Naira goma. Naira 65 ta zama 84. Ga sakamakon ke nan a hanyar Sakkwato: fetur 95, dizal 86, gas 84. Tazarar da ta yi kama da rijiya a takarda ta koma taƙi ɗaya. Abu biyu ne za su sake buɗe ta: a samu wurin cika tulu a kowane ƙarshen hanya, wanda zai sauko da kilomita zuwa wajen Naira 54, ko kuma a yi wa direba sauyin kyauta, kamar yadda shirin gwamnatin tarayya ya yi wa masu motocin haya alkawari.

Akwai kuma kuɗin da ba a ragewa ko ta halin ƙaƙa. Iskar CNG tana zaune ne a matsin da ya kai ba 200, ninkin na gas ɗin girki sau da yawa. Tukunyar girki ko tulun da mai walda ya haɗa ba za su ɗauke ta ba. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a tashar gas a birnin Benin, aka kuma danganta abin da tulun da ba na ƙa'ida ba. Tulun gaske yana ɗauke da hatimin matsin da yake jurewa da ranar da aka ƙera shi a jikin ƙarfen. Wanda babu wannan, araha ce da ba ta ado. Bayan sauyi kuma mota kan ɗan rasa ƙarfi, tana buƙatar fulogi masu kyau, kuma idan ta fara harbi ta baya ko mutuwa a tsaye, saitin ne bai yi ba, a koma wurin wanda ya ɗaura.

Shawara ga direba ita ce kada ya fara da tambayar nawa ake sayar da gas. Ya fara da tambayar kilomita nawa daga cikin ɗari zai yi a kansa. Idan ba su kai rabi ba, ya riƙe kuɗinsa, ya gyara injinsa, ya kula da iskar taya. Ga gwamnatin jihar Sakkwato da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW kuwa, raba tuluna kafin kafa tasha tamkar sayen guga ne ba a haƙa rijiya ba. Tashar gas guda a Sabon Birni ko Isa, da hanyar da tirela za ta bi lafiya ta kawo shi, za su sauke kuɗin mota ga talakan Gatawa fiye da tulu ɗari da aka raba a wurin biki. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya tsare matafiya.